Audu Ya Sayi Gora: Karin Sauti da Darasin Ƙwayar Sauti da Takwararta

Idan aka rubuta "Ya sami mata" a kan allo aka ce Bahaushe ya karanta, dole ya ɗan dakata. Matar aure ya samu, ko kuwa taron mata ya tarar? Baƙaƙen ɗaya ne, wasulan ɗaya ne, har tsawonsu ma ɗaya ne. Amma da zarar an furta jimlar, ko yaron da bai shiga makaranta ba ya san wadda ake nufi. In matar aure ce, murya kan fara daga ƙasa ta hau sama. In taron mata ne, murya kan tsaya a sama daga farkon kalmar har ƙarshenta. Wannan hawa da sauka shi ne karin sauti, kuma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna shi ko kaɗan.

Ɗaliban sashen Hausa da na kimiyyar harshe a Kano, Zariya, Sakkwato ko Yamai sukan ci karo da kalmomi biyu tun a darussan farko na tsarin sauti, wato ƙwayar sauti da takwarar sauti. Da yawa sukan haddace ma'anarsu su ci jarrabawa, amma a ba su sabon misali sai su rasa ta inda za su kama. Karin sautin Hausa yana da amfani a nan fiye da yadda ake zato, domin a cikinsa ne ake ganin tazarar da ke tsakanin abin da baki ya furta da abin da mai sauraro ya fahimta.

Kafin a je ga kari, ya kamata a fara da baƙi, domin ya fi sauƙin kamawa. A ɗauki kalmar "nan". Baƙin farko ana furta shi da kan harshe a kan hanƙa. Na ƙarshe kuwa, idan kalmar ta zo ƙarshen magana, bayan harshe ne ke taɓa hanɗa, can ciki, kamar yadda ake ji a tsakiyar "hankali" ko "bango". Sautuka biyu ne mabambanta a baki, amma babu Bahaushen da zai ce haruffa biyu ne. Dalili shi ne babu wasu kalmomin Hausa biyu da wannan bambanci kaɗai ya raba ma'anarsu, kuma muhalli ne ke zaɓar wanda zai fito: kafin "k" ko "g", ko a ƙarshen magana, na hanɗa ne ke zuwa. Waɗannan su ne takwarorin sauti, fuskoki biyu na ƙwaya ɗaya. A kwatanta da "kafa" ta kafa rumfa da "ƙafa" ta tafiya. A nan sauya baƙi ɗaya ya sauya kalma gaba ɗaya, saboda haka "k" da "ƙ" ƙwayoyin sauti ne masu zaman kansu. Irin waɗannan kalmomi biyu da abu ɗaya tak ya raba su, su ake kira zubin kamantau, kuma su ne babban makamin wannan fanni.

Tambayoyin da ɗalibi zai riƙe ke nan, guda biyu. Shin bambancin yana iya raba ma'anar kalmomi? In ba ya rabawa, shin muhalli ne ke kawo shi?

Zubin kamantau na kari

Karin sauti yana fitowa ne daga saurin karkarwar tantanin maƙwallato. In ya yi sauri murya ta hau, in ya rage ta sauka. Kowace gaɓa ta Hausa tana ɗauke da nata kari. Manazarta sukan nuna shi da alamu a kan wasali: karin ƙasa da 'yar sanda mai gangarowa kamar a "à", karin faɗau da 'yar hula kamar a "â", karin sama kuwa a bar shi ba alama. Dogon wasali kuma a ninka shi. Da wannan tsari, matar aure ita ce màataa, jam'in kuwa maataa.

Misalan suna da yawa, kuma duk na cikin gida ne. Wuyàa na jiki yana farawa sama ya sauka, wùyaa ta wahala tana farawa ƙasa ta hau. Kuukàa ta miya sama ce da ƙasa, kuukaa na hawaye sama ne da sama. Fàaraa mai cin amfanin gona daban take da faaràa aiki. Gòoraa na zuba ruwa daban yake da gooràa ta dogarawa. A kowane zubi baƙaƙe da wasula ba su motsa ba, kari kawai ya sauya, ma'ana ta bi shi. Wannan ya isa hujjar cewa sama da ƙasa ƙwayoyi biyu ne a Hausa, matsayinsu ɗaya da na "k" da "ƙ".

Aikin kari bai tsaya ga sunaye ba, ya shiga har cikin nahawu. "Yaa zoo" labari ne na abin da ya riga ya faru. "Yâa zoo", da faɗau, tsammani ne na abin da bai faru ba tukuna. "Yà zoo", da gajeren wasali da karin ƙasa, umarni ne ko fata, kamar a "ka ce masa ya zo". "Ya zoo", gajere kuma a sama, shi ake ji a "wanda ya zo". A rubutun yau da kullum dukkansu "ya zo" ne. Haka nan taashì ke komawa tàashi idan umarni ake bayarwa.

A nan ne kuskuren farko ke fitowa, kuma ana yawan ganinsa a takardun jarrabawa. Ɗalibi ya kawo bàaba, wato uba, da baabaa na rini, ya ce ga zubin kamantau na kari. Ba haka ba ne, domin wasalin ƙarshe na uba gajere ne, na rini kuma dogo. Abubuwa biyu suka sauya a lokaci ɗaya, don haka ba a san wanne ya raba ma'anar ba. Abokin zubin bàaba na gaskiya shi ne baabà, wadda ake kiran uwa ko gwaggo da ita, domin tsawon wasulansu ɗaya ne. Haka abin yake ga dà ta haɗi da dâa ta zamanin da ya wuce: tsawo ya bambanta, ba su zama zubi ba. Wadda ta dace da dâa ita ce dàa ta "da na sani". Rubutun boko ne ke jawo wannan ruɗani, saboda yana ɓoye tsawo kamar yadda yake ɓoye kari. Malamin da ya san aikinsa yakan hana ɗalibai neman zubi da ido a kan takarda, ya sa su furta, su rubuta tsawo da kari, sannan su kwatanta.

Matakai nawa murya take da su?

Zuwa nan komai ya tafi daidai, sama da ƙasa, ƙwayoyi biyu. Rikicin yana farawa ne idan aka bar kalma ɗaya aka shiga jimla.

Abu na farko, karin sama ba shi da wani tsayayyen mataki. Tantanin maƙwallaton namiji baligi yakan karkaɗa kamar sau 100 zuwa 150 a daƙiƙa ɗaya cikin magana, na mace kuwa yakan kai 200 ko fiye. Ma'ana, karin ƙasa a bakin mace yakan fi karin sama a bakin mijinta tsayi, amma duk da haka suna fahimtar juna ba tare da wata matsala ba. Kunne ba ya auna tsayin gaɓa ita kaɗai. Yana auna ta ne da maƙwabtanta a bakin mai magana ɗaya.

Abu na biyu ya fi wannan ban mamaki, kuma shi ne zuciyar darasin. A ɗauki jimlar "Audu ya sayi mota jiya", a furta ta da numfashi ɗaya, kamar mai ba da labari. Da alamu ita ce: Audù yaa sàyi mootàa jiyà. Gaɓoɓi tara ne. Au sama, dù ƙasa, yaa sama, sà ƙasa, yi sama, moo sama, tàa ƙasa, ji sama, yà ƙasa. Wanda ya karanta wannan jeri zai zaci murya tana tsalle ne tsakanin matakai biyu, ta hau ta sauka ta koma inda ta fito. To, a rufe baki a rera jimlar ta hanci, ko a yi ta da fito, a saurara. Muryar ba ta komawa inda ta fito. Duk lokacin da ta sauka ga karin ƙasa, hawan da za ta yi bayansa ba ya kai na baya.

Ana iya zana abin a allo da ma'auni mai sauƙi na aji: daga sama zuwa ƙasa a sauka taki biyu, daga ƙasa zuwa sama a hau taki ɗaya, sama bayan sama kuma a tsaya wuri ɗaya. Ma'aunin na kwatance ne, takin murya na gaske bai daidaita haka ba, amma siffar da yake bayarwa ita ce ta gaskiya. A fara da Au a mataki na 6. Dù ta sauka zuwa 4. Yaa ta hau 5. Sà ta sauka 3. Yi ta hau 4, moo ta tsaya a 4. Tàa ta sauka 2. Ji ta hau 3. Yà ta ƙare a 1.

Yanzu a dubi abin da ya fito. Gaɓar yi, mai karin sama, tana mataki ɗaya da dù mai karin ƙasa. Gaɓar ji kuwa, ita ma mai karin sama, ta faɗo ƙarƙashin dù. Karin sama na ƙarshen jimla ya fi karin ƙasa na farkonta zurfi. Wannan ita ce gangarar murya, kuma Hausa na cikin harsunan da aka fi kafa misali da su a kanta a duniyar kimiyyar harshe. Carleton Hodge da Helen Hause sun yi rubutu a kan karin Hausa tun 1944, daga baya kuma Mona Lindau ta auna gangarar da na'ura a 1986, sannan Sharon Inkelas da William Leben suka zurfafa nazarin a 1990.

A wannan gaɓa ɗalibi mai kaifin kunne yakan ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe ke nan Hausa kari shida gare ta, tunda ga matakai shida a allo?" Tambayar mai kyau ce, ta fi shiru na wanda ya haddace littafi. Amsarta kuma tana cikin tambayoyin nan biyu na farko.

Shin akwai kalmomin Hausa biyu da bambancinsu kawai shi ne ɗaya tana mataki na 5, ɗaya tana na 4? Babu. Idan mutum ya fara magana da "jiya", gaɓar ji za ta fito can sama a mataki na 6. Idan ya ajiye ta a ƙarshe, ta fito a 3. Jiya dai jiya ce, ranar ba ta sauya ba. Shin muhalli ne ke kawo matakin? Ƙwarai kuwa. Duk wanda ya san yawan karin ƙasan da suka gabaci gaɓa zai iya faɗin inda za ta tsaya tun kafin a furta ta. Saboda haka matakai na 6, 5, 4 da 3 da karin sama ya taka a jimlar Audu takwarori ne na ƙwaya ɗaya, haka ma 4, 3, 2 da 1 na karin ƙasa. Zamansu irin na surukai ne: inda wannan ya zauna wancan ba ya zama. Sama ta farkon jimla ba ta zuwa bayan ƙasa uku, sama ta bayan ƙasa uku kuma ba ta buɗe jimla, don haka ba su taɓa haɗuwa a kujera ɗaya balle su yi takarar ma'ana.

Sai dai hujja ba ta cika sai an gwada ta ta ɗaya gefen. In da gaske muhalli ne ke kawo gangara, to jimlar da babu karin ƙasa a cikinta bai kamata ta gangara haka ba. A gwada "Muusaa yaa zoo gidaa". Gaɓoɓi shida, duk sama. Murya tana tafiya kusan a miƙe, in ban da ɗan sassautawa kaɗan da ake samu wajen ƙarshen kowace magana. Babu tsanin nan na jimlar Audu. Karin ƙasa ne ke jawo na sama ƙasa, inda babu shi kuma babu jan.

Gwaji na biyu shi ne a saka zubin kamantau a cikin gangarar, a ga ko bambancin zai tsira. A cire mota a sa gora. "Audù yaa sàyi gòoraa", wato na ruwa: bayan yi a mataki na 4, gòo ta sauka 2, raa ta hau 3. "Audù yaa sàyi gooràa", wato sanda: goo ta tsaya a 4, ràa ta sauka 2. A furta su a gaban aji a ce kowa ya rubuta abin da Audu ya sayo. Masu jin Hausa ba sa kuskure. Duk da cewa kalmar ta zo a inda murya ta riga ta yi ƙasa, siffarta tana nan, ɗaya ta hau, ɗaya ta sauka. Abin da ke riƙe ma'ana shi ne dangantakar gaɓa da ta kusa da ita, matakin kansa kuwa muhalli ne ke juya shi yadda ya so.

Yau ɗalibi yana iya ganin duk wannan da idonsa. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, kyauta ce, kuma tana zana layin hawa da saukar murya daga magana da aka naɗa ko da da waya ne. Amma akwai abin lura. Layin yakan yanke a kan baƙaƙe marasa ziza irin su "s", "t" da "k", domin a lokacin tantanin ba ya karkaɗawa, sai sabon shiga ya zaci na'urar ce ta lalace. Ya fi kyau a duba tsakiyar wasali, domin baƙin da ya gabace shi yakan ɗan ɗaga ko ya danne farkonsa. Kuma mai karanta jimla daga takarda yakan tsaya bayan kowace kalma, ya sabunta numfashi, ya mai da murya sama, sai gangarar ta ɓace. Ko a magana ta yau da kullum, doguwar jimla takan kasu yanki-yanki, kowane yanki ya sake farawa daga sama. Gangara tana aiki ne a cikin yankin da aka furta a dunƙule.

Tarkon "ne" da "ce"

Da zarar ɗalibai sun gane cewa abin da muhalli ya kawo takwara ne, sai su faɗa wani rami. Kalmomin "ne" da "ce" suna da wata ɗabi'a sananniya: kullum karinsu kishiyar na gaɓar da ta gabace su ne. Ana cewa gidaa nèe, amma Audù nee. Ana cewa màataa cèe, amma mootàa cee. Bayan sama su sauka, bayan ƙasa su hau. A karin harshen Sakkwato, inda ake cewa "na" da "ta" a madadinsu, ɗabi'ar tana nan yadda take.

Sai ɗalibi ya ce, "Malam, ga shi muhalli ne ke zaɓa, kuma ma'ana ba ta sauya ba. Ashe a nan sama da ƙasa takwarorin juna ne." Wannan hukunci kuskure ne, kuma warware shi ya fi duk wata hadda amfani.

Da fari, an riga an tabbatar da wuyàa da wùyaa cewa sama da ƙasa ƙwayoyi ne mabambanta. Ba za su zama ƙwayoyi a kalma ɗaya su koma takwarori a wata ba. Na biyu, a duba wa dokar ta shafa. Gangara ba ta tambayar sunan kalma, duk gaɓar sama da ta biyo bayan ƙasa sai ta ja ta, suna ce ko aikatau ko bayanau. Juyin "ne" da "ce" kuwa bai shafi kowa ba. A gwada "ma": Muusaa maa, Audù maa, tana sama a duka biyun. A gwada "da": Muusaa dà Audù, Audù dà Muusaa, tana ƙasa a duka biyun. Da dokar ta sauti ce zalla, da su ma sun juya. Abin da ke faruwa shi ne kalma ɗaya tana da siffofi biyu, kowace siffa an gina ta da cikakkiyar ƙwayar kari. Wannan batu ne na ginin kalma. Saboda haka tambaya ta biyu tana buƙatar ƙari: bai isa a ce muhalli ne ya kawo bambanci ba, sai an tabbatar dokar ta hau kan kowace kalma, kuma abin da ta haifar ba wata ƙwayar da aka riga aka sani ba ce.

Wannan ɗabi'a ta "ne" tana da wani amfani a aji. Kenneth Pike, a littafinsa na 1948 a kan harsuna masu kari, ya ba da shawarar a riƙa saka kalmomi a cikin tsayayyen gurbi don a gane karinsu. Ɗalibin Hausa yana da irin wannan gurbi a bakinsa. In yana shakkar karin gaɓar ƙarshe ta wata kalma, ya sa mata "ne" ko "ce". In sun sauka, kalmar da sama ta ƙare. In sun hau, da ƙasa ta ƙare.

Faɗau: na uku ne ko haɗin biyu?

Saura karin faɗau, wanda murya ke farawa sama ta zube ƙasa a cikin gaɓa ɗaya. Wasu ɗalibai kan so su kira shi takwarar karin sama. Zubin kamantau ya hana: kai na wakilin suna da kâi na jiki, yaa da yâa, mài gida da mâi na miya, dàa da dâa. Yana raba ma'ana tsakaninsa da sama, yana rabawa tsakaninsa da ƙasa. Ba takwarar kowa ba ne. Shi ya sa littattafan koyarwa da dama suke lissafa kari uku.

Amma akwai alamun da ke nuna cewa faɗau sama ce da ƙasa suka taru a gaɓa ɗaya, kuma haka Paul Newman ya ɗauke shi a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000. Alama ta farko, faɗau ba ya zuwa sai a nannauyar gaɓa, wato mai dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wadda baƙi ya rufe. Gajeriyar gaɓa irin ta dà ba ta da filin ɗaukar kari biyu. Alama ta biyu, ana ganin haihuwarsa ƙiri-ƙiri idan kalma ta taƙaita. Kadà, sama da ƙasa, ta koma kâr. Minì ta koma mîn. Wasalin ƙarshe ya faɗi, amma karinsa bai tafi da shi ba, ya koma kan gaɓar da ta rage. Alama ta uku tana cikin ɗafin nan na abin da aka riga aka sani, wanda ke tafe da karin ƙasa. Gidaa ya zama gidân, rìigaa ta zama rìigâr, domin ƙasa ta sami sama a gaɓar suka haɗu. Mootàa kuwa ta zama mootàr, babu faɗau, saboda ƙasa ce ta sami ƙasa.

Gwajin "ne" ma ya ba da shaida. Ana cewa kai nèe idan mutum ake nufi, amma kâi nee idan na jiki ne. "Ne" ta hau bayan faɗau, daidai da yadda take yi bayan karin ƙasa, wato ta gane cewa wutsiyar faɗau ƙasa ce. Hujjar masu cewa ƙwayoyi biyu ne ta fi ƙarfi, domin bayani ɗaya ya warware abubuwa huɗu. Duk da haka, ɗalibin da ya ce uku ya kawo zubin kamantau bai kauce ba, ya tsaya ne a matakin abin da kunne ke rarrabewa. Wanda ya kauce shi ne wanda ya ce faɗau takwara ne.

Mai lura zai tambaya, in sama da ƙasa suna haɗuwa su ba da faɗau, ina kishiyarsa, wato kari mai tashi daga ƙasa zuwa sama a gaɓa ɗaya? Daidaitacciyar Hausa ba ta da shi a cikin kalmominta. Inda ya kamata ya fito, sai ya koma sama zalla. Dòomin, ƙasa da sama, idan ta taƙaita sai ta zama don, a sama. Ɗàuki ta zama ɗau. Gàwàyii ya zama gàwai.

Akwai wurare biyu da murya ke haura matakin sama na yau da kullum, kuma su ne iyakar wannan darasi. Na farko tambaya. "Audu ya sayi mota?" ba ta gangara kamar ta ba da labari, kuma karin sama na ƙarshe yakan ɗaga fiye da kima. Na biyu amsa-kama, irin su "fat" a "fari fat" da "wur" a "ja wur", waɗanda akan cilla su sama don ƙarfafawa. A nan saƙo ya sauya, labari ya koma tambaya, amma mota tana nan mota, ba ta rikiɗe zuwa wata kalma ba. Don haka ba a ƙirga wannan tsayi a matsayin sabuwar ƙwayar kari. Rausayar jimla ce da aka shimfiɗa a kan karin kalmomi, kuma ana tabbatar da haka da gwajin da aka yi a baya: a tambayi aji "Audu ya sayi gora?" sau biyu, sau ɗaya da gòoraa, sau ɗaya da gooràa, kowa zai ji cewa tambaya ce, kuma kowa zai san ko na ruwa ake tambaya ko ta dogarawa.